Littafin Bashin da Ya Kusa Rufe Mini Shago

A jikin ƙofar shagona akwai wani kwali da na rubuta da hannuna tun shekarar 2016 da na buɗe: "Ba a ba da bashi, ba don rashin yarda ba, sai don gudun ɓacin rai." Kwalin yana nan har yau, rana ta cinye rabin rubutun. A ƙarƙashin wannan kwalin na tsaya na ba da bashin da ya haura naira dubu 600. Duk mai shago a cikin unguwa ya san kwalin don baƙo ake rataye shi. Wanda kuke sahu ɗaya a masallaci ba ya karanta shi, kai ma ba za ka iya nuna masa da yatsa ba.

Kayan masarufi nake sayarwa a wata unguwa cikin Kano: shinkafa, sukari, taliya, man gyaɗa, madara, sabulu, magi da sauran tarkace. A kasuwar Singa nake saro yawancinsu, wurin wani dila da nake kira Alhaji, wanda na yi wa yaron shago shekara shida kafin ya sallame ni. Shi ma bashi yake ba ni, in ɗauki kaya in kawo kuɗi bayan mako biyu. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ba na cikin masu cewa a daina bayarwa kwata-kwata. Shagon unguwa da ba ya ba da bashi ba zai yi ciniki ba, domin rabin mutanen layinmu 'yan albashi ne, daga ranar 15 ga wata aljihunsu ya bushe. Abin da ya kusa kashe ni shi ne ban san iyakar abin da nake bayarwa ba, ban kuma san ranar da ya kamata in tsaya ba.

Mutumin da ya fi koya mini wannan karatu ma'aikacin gwamnati ne, gidansa na huɗu daga shagona. Ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar, Yallaɓai nake ce masa, shi kuma ya ce mini ƙanena. Ya fara ɗaukar kaya a wurina a 2019. Shekara uku cur bai taɓa saɓa mini ba. Ya ɗauki kayan wata, albashi na shiga ya zo da kansa ya ce in buɗe littafi, ya biya har da ihsani ga yaron shago. Da za a ce in zaɓi mutum ɗaya a unguwar in ba shi makullin shagona, shi zan ba.

A watan Agusta na 2022 ya zo biya, lissafinsa ya kama dubu 40, ya ajiye dubu 30 ya ce, "Ƙanena, ka yi haƙuri da cikon, kuɗin makarantar yara ya rutsa da ni. Wata mai zuwa sai in haɗa." Na ce haba Yallaɓai, wannan har wani abu ne? A take kuma ya ɗauki kayan sabon wata.

Yanzu da na waiwaya, a ranar nan bashin ya lalace. Ba dubu goman ce matsalar ba. Matsalar ita ce na ɗora sabon bashi a kan tsohon da ba a rufe ba, shafinsa ya daina komawa sifiri. Mutumin da shafinsa yake komawa sifiri duk wata, ko nawa ya ɗauka, yana cin abin da albashinsa zai iya ɗauka ne. Wanda ciko yake bi daga wata zuwa wata kuwa, gidansa ya fara cin abin da ya fi ƙarfin samunsa, kuma giɓin daga jarinka ake cike shi. Duk wata yana kawo kuɗi, ni ina murna kwastoma na biya. Ban taɓa zama na tara cikon ba. Kafin watan Janairu na 2023 ya ƙare, cikon nan ya zama dubu 70.

Sai ga canjin kuɗi. Wanda ya yi kasuwanci a watannin Fabrairu da Maris na 2023 ba sai an ba shi labari ba. Tsofaffin takardun naira ana gudunsu, sababbin babu su, tiransifa kuma sai ka yini kana jiran alat. Mutum zai tsaya a gabanka da kuɗi a asusunsa amma ba shi da abin sayen kwanon shinkafa. A watannin nan na buɗe littafi ga kowa, har waɗanda ban san gidajensu ba. Yallaɓai ya ɗauki kayan dubu 45 a Fabrairu, ya sake ɗaukar na dubu 45 a Maris da azumi ya kama, bai kawo ko sisi ba, ya ce banki ne ya riƙe. Na yarda, don kowa haka yake cewa kuma gaskiya ne. Dab da ƙaramar salla a watan Afrilu yaransa suka ƙara kwasar kayan dubu 26. Jimla dubu 186.

Akwai abin da ban lura da shi ba sai daga baya. Tun wajen ƙarshen shekara Yallaɓai ya daina zuwa da kansa. Yara yake aikowa: "Wai in ji Baba a ba da taliya biyar da man gyaɗa kwalba ɗaya, a rubuta." Yaro ba ka iya yi masa maganar ciko, ba ka kuma iya mayar da shi hannu rabbana alhali ka san tukunya na kan wuta. Bayan salla sai yaran ma suka ɗauke ƙafa. Shi kuma ya canja hanya, in zai tafi masallaci sai ya zagaya ta bayan layi. Wata rana da yamma na hango ƙaramin ɗansa ya wuce da leda cike da kaya daga wani shago a bakin titi. Na san mai shagon, ba ya ba da bashi ko na ashana. Ashe kuɗin hannu akwai, wurina ne kawai babu.

A daidai wannan lokacin ni ma na gaza kai wa Alhaji kuɗinsa a kan kari. Na je Singa da rabin abin da yake bi na, ina kame-kame. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Kai, kawo mini littafin bashinka gobe." Na kai masa. Ya sa yaronsa ya ɗauko kalkuleta, muka bi shafi-shafi. Mutum 47, naira dubu 612. Ya tambaye ni kayan da ke kan kanta nawa za su yi, na ce kamar dubu 900. Ya ce nasa nawa ne a ciki, na ce dubu 400. Ya ce, "To, kana da dubu 500 a shago, kana da dubu 612 a cikin mutane. Shagonka na gaskiya yana gidajen mutane, wannan da kake buɗewa da safe reshe ne."

Sannan ya yi mini wani lissafi da ban taɓa yi ba duk shekarun da na yi a gabansa. Ya ce a kayan masarufi, in ka cire kuɗin mota da ɗan dako da haya da leda da abin da ɓera ya ɓata, a duk naira 100 da ka yi ciniki da ƙyar naira 5 take zama taka. Saboda haka in mutum ya cinye maka dubu 10, ba ribar dubu 10 ya ci ba, uwar kuɗi ya ci, kuma sai ka yi cinikin dubu 200 kafin ka mayar da gurbinta. Na lissafa na Yallaɓai a zuciyata: dubu 186 sau ashirin, ciniki na sama da miliyan uku da dubu 700 ke nan zan yi a banza. Gumi ya karyo mini. Alhaji ya rage kayan da yake ba ni zuwa rabi, ya ce sai na dawo da kuɗin waje ciki. A lokacin na ji haushinsa ƙwarai, har na kwana biyu ina ganin ya manta wahalar da na yi masa.

Da na dawo gida na faɗa wa mai ɗakina, sai ta ce, "Malam, ai matar Yallaɓai ta yi ankon bikin nan na makon jiya, leshi ne ma." Mata sun riga mu sanin wanda yake da shi da wanda babu. Tun daga ranar, kafin in yanke hukunci a kan mai bashi, nakan tambaye ta abin da ta gani.

Na ɗauki mako guda ina raba mutanen littafin. Ban raba su da yawan kuɗin ba, na raba su da yadda suke yi da ni. Wanda babu ce ta hana shi biya ba ya gudunka. Zai zo ya gaishe ka, ya ambaci bashin da bakinsa kafin ka ambata, in ya samu ɗari biyar ya kawo ya ce a rage. Mai taurin bashi kuwa alamarsa uku ce a wurina: ya daina bi ta ƙofarka, ya koma sayayya da kuɗi a wani wuri, kuma in kun haɗu shi zai riga ka ɓata rai. Allah ya ce a saurara wa wanda yake cikin ƙunci har ya samu sauƙi, Annabi (SAW) kuma ya ce jinkirin mawadaci zalunci ne. Duka biyun na san su tun ina makarantar allo. Abin da ban iya ba shi ne gane wane ne wane, sai na riƙa yi wa mawadaci haƙurin da aka ce a yi wa matalauci.

Na fara da zuwa gidan Yallaɓai bayan sallar isha'i, ni kaɗai, don kada in tozarta shi a gaban mutane. Na yi sallama ya fito, muka gaisa, na ce, "Yallaɓai, na zo ne a kan ɗan lissafin nan, ni ma uban gidana ya matsa mini." Ya ce nawa ne. Da na faɗa sai ya ja da baya, ya ce, "Dubu ɗari da tamanin da shida? Ƙanena, ka ji tsoron Allah. Shagon naka gaba ɗaya na cinye?" Ya ce shi a saninsa bai kai dubu ɗari ba, kuma bai zaci zan biyo shi har gida kamar wani ɓarawo ba. Na koma shago jikina yana rawa. Ni da kayana, ni ne na zama mai laifi.

Sau uku ina komawa, ana cewa ba ya nan. Na aika masa saƙo ta waya, yana karantawa ba ya amsawa. Wani maƙwabcina ya ba ni shawara in tare shi a ƙofar masallaci in ɗaga murya, wani ya ce in kai shi wurin 'yan sanda. Ban yi ko ɗaya ba. Tozarci yana ba mai bashi hujjar cewa an ci mutuncinsa, daga nan maganar ta tashi daga kuɗi ta koma rigima. Bashin da aka ɗauka da yardar juna kuma ba laifin da ake tsare mutum a caji ofis ba ne, magana ce ta sulhu ko ta kotu. Sai na tafi wurin mai unguwa.

Mai unguwa ya sa mana rana, ya kira limamin masallacinmu da wani dattijo. A nan ne na ga aibin littafina. Na buɗe shi da ƙarfin gwiwa, amma da aka fara bi sai kunya ta kama ni. Wani wurin an rubuta "gidan Yallaɓai, 3,500" babu kwanan wata, babu sunan kaya. Wani wurin yaron shagona ne ya rubuta "yaron Yallaɓai" kawai, kuma a layinmu akwai mutum biyu da muke kira haka. Wasu an rubuta su a bayan kwalin madara aka kwafe daga baya. Babu inda ya sa hannu ko sau ɗaya. Duk abin da ya ɗauka da kansa, ko wanda aka rubuta kaya da rana, bai musa ba. Sauran ya ce bai san da su ba, kuma ba shi ya aiki yaran ba. Da aka tara waɗanda ya musa, dubu 46 ne.

Liman ya ce a shari'a mai da'awa shi ke kawo hujja, wanda ya musa kuma rantsuwa ce a kansa. Ya dube ni ya ce, "Kana da shaida a kan dubu arba'in da shidan nan?" Na ce babu sai yarona, shi ma ba zai iya tuna ranakun ba. Ya ce to ko in bar su, ko Yallaɓai ya rantse. Na san kayan nan sun shiga gidansa, har yau ban yi shakka ba. Amma ban so in sa mutum ya dafa Alƙur'ani a kan taliya da magi ba, na ce na bar su. Liman bai ƙyale ni ba, ya ce aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, da wa'adinsa da shaidunsa, kuma a cikinta wanda ake bi shi aka ce ya yi shiftar abin da za a rubuta. Ya ce, "Kai ka rubuta kai kaɗai, shi ya sa ka zo kai kaɗai."

Abu mafi amfani da na samu a zaman nan takarda ce guda ɗaya. Mai unguwa ya sa aka rubuta cewa Yallaɓai ya amsa ana bin sa dubu 140, zai riƙa biyan dubu 10 duk ƙarshen wata, ya sa hannu, na sa, liman da dattijon suka sa a matsayin shaidu. Na so in ce a ƙara wani abu saboda jinkiri, tunda kaya suna ta tashi, liman ya ce kul, ƙari a kan bashi saboda an jinkirta shi ne ainihin riba da aka haramta. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, to asarar da nake yi fa?" Ya ce maganinta tun farko ne, ka gajarta wa'adi ko ka karɓi jingina.

Ya biya wata uku, dubu 30, ya tsaya. Na koma wurin mai unguwa sau biyu, aka kira shi ya yi alkawari, shiru. A farkon 2024 na ce wa mai unguwa, "Ranka ya daɗe, ina neman izini in kai maganar gaba." Ya ce ya yi nasa, in je. Na shigar da ƙara a kotun shari'a da ke kusa da mu, aka kai masa sammaci. Da alƙali ya karanta takardar ya tambaye shi ko sa hannunsa ne, ya ce nasa ne. Maganar ba ta ɗauki minti ashirin ba. Aka yanke ya ajiye dubu 20 cikin mako guda, sauran dubu 90 kuma dubu 15 duk wata, ta hannun kotu ba ta hannuna ba. Da littafina na je maimakon takardar nan, da wataƙila har yanzu muna ɗage zama. Daga baya na ji cewa tun 2019 akwai kotun ƙananan ƙararrakin bashi a Kano, inda ake fara aika wa mutum takardar neman biya, kuma an tsara ta don a gama shari'a cikin kwana 60. Wani abokina mai sayar da siminti can ya bi.

Kuɗin sun gama fitowa wajen ƙarshen 2024, da tsallake wata biyu a tsakani. Mutane suka ce na yi nasara. Ga yadda nasarar take. Lokacin da Yallaɓai yake kwasar kayan, buhun shinkafa 'yar gida mai kilo 50 ina saro shi wajen dubu 33, wato dubu 186 ɗin nan buhu biyar da rabi ne. Bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023 komai ya tashi, lokacin da na karɓi kuɗin ƙarshe buhun ya haura dubu 70. Dubu 140 ɗin da na karɓa a gutsuttsure ba ta sayi buhu biyu ba. Ban sa kuɗin mota da na shigar da ƙara da ranakun da na bar wa yaro shago ba. Na ba da buhu biyar da rabi, na karɓo ƙasa da biyu, na kuma rasa gaisuwar maƙwabci. Duk da haka ban yi nadamar zuwa kotun ba, don a makon da sammacin ya shiga gidansa mutum shida suka zo da kansu suka rage nasu ba tare da na ce musu uffan ba.

Na 'yan uwa ba zan daɗe a kansa ba, don ba shi da magani. Ɗan ƙanwar mahaifiyata ya ɗauki kayan dubu 38 na sunan ɗansa, ya ce in an watse zai biya daga gudummawa. Da na tuna masa, kafin magariba maganar ta isa wurin tsohuwata, ta kira ni ta ce, "Ɗan uwan naka za ka bi bashi?" Na ce a'a, Inna. Na ja layi a kan shafin. Yanzu in ɗan uwa ya zo neman kayan dubu 20, sai in ba shi na dubu 5 in ce kyauta ce, ba na rubutawa. Kayan biki da na suna kuwa ba na bayarwa bashi ga kowa, domin abin da aka cinye a yini ɗaya ba ya haifar da kuɗin da za a biya shi.

Ban daina ba da bashi ba, littafin ne ya canja. Kowa yana da shafinsa shi kaɗai da cikakken sunansa da lambar wayarsa, kuma yana da ɗan ƙaramin littafi nasa da yake zuwa da shi. Abin da na rubuta a nawa, da rana da sunan kaya da kuɗi, shi nake rubutawa a nasa. Yaro in ya zo babu ɗan littafin, sai na kira uban a waya ya faɗa da bakinsa. A saman kowane shafi akwai adadin da ba na wucewa. Ga ɗan albashi ba na bari ya wuce abin da na ga ya saba biya a wata ɗaya ba tare da ciko ba. Masu sana'ar yau da kullum, kamar mai shayi da mai ƙosai, nasu na yini ne ko na mako: a ɗauka da safe, a kawo da dare, kuma su ne suka fi kowa biya, don gobe ma suna bukatar kayan. In ciko ya kwana a shafi, sabon kaya sai da kuɗi har a rufe shi. Duk daren Juma'a ina tara jimlar littafin, in ta kai kashi ɗaya cikin biyar na jarina, ko wane ne ya zo sai ya jira wani ya biya.

Abin da ya fi wuya shi ne buɗe baki a faɗa. Na gano cewa in ka ce "ban yarda da kai ba" ka yi maƙiyi, in ka ce "babu" alhali yana kallon kayan ka yi ƙarya. Sai nake juya musu littafin su gani da idonsu, in ce, "Yaya, ga inda muka tsaya, kayan nan na Alhaji ne, ranar Asabar zan kai masa kuɗi. A rage wannan sai a ɗauki wani." Wasu sun yi fushi sun koma wani shagon. Da na duba, yawancinsu waɗanda dama ba sa biya ne.

Daga cikin dubu 612 ɗin nan, abin da ya dawo hannuna bai kai dubu 400 ba. Wasu sun tashi daga unguwar, wani ɗan haya ya kwashe kayansa da asuba da dubu 22 ɗina. Akwai kuma wani dattijo mai gadi da nake kira Baba, ana bin sa dubu 17 da ɗari biyar, duk na gero da sukari da sabulu. Aikin gadin ya ƙare, ƙafa ta kumbura, amma kullum da safe sai ya dogara sanda ya zo ya zauna a bencin shagona ya ce, "Ɗan nan, ban manta ba fa." Da lokacin fitar da zakkata ya zo, na yi dabara in lissafa bashinsa a cikinta, in huta shi ma ya huta. Na tambayi liman, ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya hakan bai isar ba, domin bashin da ke kan wanda ba shi da komai kuɗi ne da ka riga ka fid da rai da su, kana son ka ceci dukiyarka ne da sunan zakka. Ya ce in zan yafe in yafe, zakka kuma in fitar da ita daban. Na ji kunya, don abin da ke raina ke nan ya faɗa.

Washegari da Baba ya zo, na buɗe shafinsa a gabansa na ja layi biyu, na rubuta "an yafe" da kwanan wata, na ce ya gani. Bai iya karatun boko ba, sai na karanta masa. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce in ba shi sukari na naira ɗari, ya ciro kuɗin daga aljihu ya biya.

Ya rasu bayan wata bakwai. A wurin jana'iza aka yi sanarwar da aka saba, duk wanda yake bin mamaci bashi ya sami iyalinsa. Bayan sadakar uku babban ɗansa ya zo shago da kuɗi a ƙulle cikin leda, ya ce Baba ya sha faɗa musu akwai lissafi a wurina, suna so su sauke masa kafin a raba ɗan abin da ya bari. Na ɗauko tsohon littafin daga ƙasan kanta, na buɗe masa shafin. Ya karanta, ya sake karantawa, ya tambaye ni ko zai iya ɗaukar hotonsa a waya ya nuna wa mahaifiyarsu. Na riƙe masa littafin ya ɗauka.